Kundin aiki: mayar da bayanan shari'o'i zuwa fom ɗin taƙaitawa mai gida huɗu

6 ga Janairu

Aikin da na sa a gaba shi ne in ɗauki bayanan shari'o'in da na tara, wasu daga lacca, wasu daga karatun rahotannin kotu, in zuba kowace shari'a a fom guda mai gida huɗu: abin da ya faru, tambayar shari'a, hukunci, da dalilai. Bayanan kamar yadda suke yanzu suna bin jerin da na ji su ne ko na karanta su. Maganar malami tana zaune kusa da maganar alƙali, hujjar lauyan da ya sha kaye tana ƙarƙashinsu, kuma babu alamar da ta raba wannan da wancan. A ranar da aka rubuta su wannan ba matsala ba ce, domin kai bai manta ba. Bayan wata shida kuwa, duk sun zama murya ɗaya.

Na kafa wa fom ɗin sharuɗɗa biyu. Kada shari'a ta wuce shafi ɗaya. Sannan wanda bai taɓa karanta hukuncin ba, in ya karanta shafin, ya iya faɗin ko shari'ar za ta taimaki wata sabuwar ƙara da ke gabansa ko ba za ta taimaka ba. Sharaɗi na biyu shi ne ma'aunin gaskiya. Taƙaitawar da ke tuna wa mai ita abin da ya riga ya sani kaɗai ba ta cika aiki ba.

Zan gina fom ɗin a kan shari'a guda tukuna kafin in taɓa sauran. Na zaɓi Hadley da Baxendale, wadda Kotun Exchequer ta Ingila ta yanke a 1854, a kan iyakar diyyar da ake biya idan an saɓa yarjejeniya. Hukuncinta gajere ne, alƙali ɗaya ne ya karanta shi a madadin kotun, wato Alderson, kuma tana da wani tarko da nake so fom ɗin ya koyi kamawa.

11 ga Janairu

Gidan farko, abin da ya faru. Ga labarin yadda yake a bayanaina, da dukkan kayansa. Hadley da abokin kasuwancinsa suna da injin niƙa mai aiki da tururi a Gloucester. A watan Mayu na 1853 sandar ƙarfen da ke juya injin ta karye, niƙa ta tsaya. Masu ƙera sabuwar sanda suna Greenwich, kuma suna buƙatar tsohuwar don su yi awo da ita. Aka ba kamfanin dakon kaya na Pickford, wanda Baxendale yake cikin masu shi, ya kai ta. Akawun kamfanin ya ce in an kawo kafin sha biyun rana, washegari za ta isa. Aka biya fam 2 da sule 4. Saboda sakacin 'yan dako sandar ta yi kwanaki ba ta isa ba, injin ya ƙara kwanaki a tsaye, masu injin suka nemi a biya su ribar da suka rasa a kwanakin jinkirin.

Labari ne mai daɗin faɗa, amma kusan rabinsa ba shi da gurbi a fom. Hanyar tankaɗewar da nake bi ita ce in ɗauki kowane bayani in tambayi kaina: da a ce wannan ya canza, hukuncin zai canza? Da garin ba Gloucester ba ne, babu abin da zai motsa. Da kuɗin dakon fam 3 ne, haka nan. Sunan masu ƙira da watan da abin ya faru duk sun fita. Abin da ya rage shi ne yarjejeniyar kai kaya a kan lokaci, jinkirin da laifin mai dako ne, asarar da aka nema wadda riba ce ba lalacewar kaya ba, sai kuma bayani na huɗu, wanda shari'ar duka ta rataya a kansa: me mai dako ya sani a lokacin da aka ƙulla yarjejeniyar.

Masanin shari'a Arthur Goodhart ya yi rubutu a 1930 yana cewa ƙa'idar da shari'a ta kafa ana samunta ne daga bayanan da alƙali ya ɗauka a matsayin masu nauyi, haɗe da hukuncin da ya gina a kansu. Abin lura a maganarsa shi ne alƙali ne mai zaɓen, ba mai karatu ba. Don haka tambayata ta sama tana da gyara. Ba ra'ayina nake nema a kan ko bayanin yana da muhimmanci ba, ina neman alamar cewa kotun ta jingina da shi.

Na kuma yanke cewa a gidan nan za a kira mutane da matsayinsu: mai injin, mai dako. “Mai ƙara” da “wanda ake ƙara” suna rikita mai karatu da zarar an ɗaukaka ƙara, domin wanda ya shigar da ƙara a ƙasa yana iya zama wanda ake jayayya da nasararsa a sama.

18 ga Janairu

Yau na isa tarkon. Bayanin da mai rahoto, wato wanda ya rubuta shari'ar a littafin rahotannin kotu, ya sa a gaban hukuncin ya ce yaron masu injin ya shaida wa akawun 'yan dako cewa injin a tsaye yake, kuma dole a aika sandar nan take. Amma da aka shiga hukuncin kansa, Alderson ya ce abin da aka sanar da 'yan dako kawai shi ne kayan karyayyar sandar injin niƙa ce, kuma masu aikawa su ne masu injin. Waɗannan maganganu biyu ba sa zama a ɗaki ɗaya. In har an gaya wa akawu cewa niƙa ta tsaya sai sanda ta dawo, to bisa ƙa'idar da Alderson ɗin ya shimfiɗa ya kamata masu injin su yi nasara, ga shi kuwa ba su yi ba.

Ba ni na fara ganin wannan ba. A 1949, a shari'ar Victoria Laundry da Newman Industries, mai shari'a Asquith na Kotun Ɗaukaka Ƙara ya nuna cewa taƙaitawar da ke saman rahoton Hadley tana ɓatar da mai karatu a daidai wannan wuri, kuma dole a fahimci cewa kotun ba ta yanke hukunci a kan cewa an sanar da mai dako ba. Kusan shekara ɗari kenan taƙaitawar tana zaune a littafi a haka.

Abin da wannan ya jawo wa fom ɗin shi ne alamar tushe. Kowane layi a gidan abin da ya faru zai ɗauki harafi a ƙarshensa: K idan kotu ce ta faɗa a hukuncinta, R idan mai rahoto ne, L idan daga hujjar lauya ya fito, M idan malami ne ko marubucin littafi. Tare da harafin sai lambar shafi ko sakin layi. Abin da ke da K kaɗai ake gina tambaya a kansa. In R ya yi karo da K, K ne ke shiga gidan, a rubuta karon a ƙasan shafi. Wannan ya ƙara wa cike fom wahala sosai, domin yana tilasta komawa ga hukuncin kansa a kan kowane layi. Na bar shi haka da gangan.

21 ga Janairu

Gida huɗu ba su isa ba. Na ƙara layi biyu a sama da su: sunan shari'a da kotu da shekara da inda aka buga ta, sannan hanyar da ƙarar ta biyo. A Hadley, 'yan juri, wato mutanen gari da ake zaɓa su saurari shaidu su yanke a kan abin da ya faru, a kotun farko sun ba masu injin fam 25 a kan abin da 'yan dako suka riga suka ajiye a kotu, sai 'yan dako suka nemi a sake shari'a bisa cewa alƙalin farko bai yi wa juri jagorar da ta dace ba. Wanda bai san wannan ba ba zai gane me ya sa hukuncin ya ƙare da maganar abin da ya kamata a gaya wa juri ba.

29 ga Janairu

Gidan tambaya ya fi kowanne cin lokaci, ga shi kuma jimla ɗaya ce tak. Na rubuta ta a faɗi uku don in gwada.

Ta farko: wace diyya ake biya idan an saɓa yarjejeniya? Wannan kan babi ne a littafi. Shari'o'i ɗaruruwa za su shiga ƙarƙashinta, kuma ba a amsa ta da i ko a'a.

Ta biyu: shin Baxendale zai biya Hadley ribar injin niƙarsa na Gloucester saboda jinkirin kai sanda Greenwich? Ana amsa ta da a'a, amma ta mutu tare da mutanen da ke cikinta. Lauyan da ke riƙe da ƙarar jinkirin kai injin ɗab'i ko kayan gyaran jirgi ba zai ga kansa a ciki ba.

Ta uku: idan mai dako ya jinkirta kai wani ɓangaren inji, kuma ba a sanar da shi a lokacin yarjejeniya cewa aikin mai kayan zai tsaya har sai kayan sun dawo ba, shin zai biya ribar da aka rasa a kwanakin jinkirin? Wannan ce ta zauna. Ana amsa ta da kalma ɗaya, tana ɗauke da bayanan da kotu ta jingina da su, kuma sunaye sun koma matsayi.

Daga nan na fitar da ginin da zan buga a fom a matsayin jagora: “idan” sai bayanai masu nauyi, “shin” sai sakamakon shari'a da ake jayayya a kansa. Akwai kuma gwajin da ke haɗa gida na ɗaya da na biyu. Duk bayanin da ya fito a tambaya dole a same shi a gidan abin da ya faru da alamar K. Duk bayanin da ke gidan abin da ya faru amma bai leƙo a tambaya ko a dalilai ba, a sake duba shi, wataƙila ado ne.

Na nuna wa wani tsohon malamina jimlolin uku. Ya karanta ta ukun sau biyu, ya ce, “To, wannan tambayar kotu ce. Amma ka lura, kai ka riga ka san amsa kafin ka rubuta ta. Lauyan masu injin da ba haka zai tsara ta ba.” Na ce, “Malam, ai taƙaitawar hukunci nake yi, ba takardar jayayya ba.” Ya ce ya sani, abin da yake so kawai shi ne kada in manta cewa tsara tambaya rabin yanke hukunci ne, kuma in kotu ta zaɓi tsarin ɓangare guda ta bar na ɗayan, wannan zaɓin abin rubutawa ne. Ban buɗe masa sabon gida ba, amma zai shiga bayanin ƙasan shafi a shari'o'in da abin ya fito fili.

5 ga Fabrairu

Gidan hukunci na raba shi layi biyu: amsa da umarni. Amsa ita ce i ko a'a ga tambayar, da jimla ɗaya ta ƙa'ida. Umarni shi ne abin da kotu ta ce a yi da ƙarar. A Hadley amsa ita ce a'a, ba a biyan wannan riba. Umarni kuwa shi ne a sake shari'a. Mutane da yawa suna rubuta “wanda ake ƙara ya ci” su wuce, alhali kotun ba ta kori ƙarar ba, ta soke abin da juri suka bayar ne ta ce a koma a yi da jagora ta daidai. Amsa ce ke tafiya zuwa wasu shari'o'i. Umarni na waɗannan mutane biyu ne kawai, amma shi ke nuna iyakar abin da kotu ta yanke da gaske.

12 ga Fabrairu

Dalilai. Jarabar da ke nan ita ce kwafe dogon sakin layi daga hukunci a liƙa, a ce an gama. Na hana wannan a fom. Za a rubuta dalilai a matakai, kowane mataki jimla ɗaya ko biyu da kalmomin mai taƙaitawa, da lambar shafi a gefe. Ana kwafo lafazin alƙali ne kawai inda kotunan baya suka riƙa jayayya a kan lafazin kansa.

Na Hadley sun fito matakai huɗu. Kotu ta fara da ƙa'ida mai reshe biyu: ana biyan asarar da ke biyo bayan saɓawar bisa yadda al'amura suka saba gudana, ko kuma asarar da za a iya cewa ɓangarorin biyu sun yi tunaninta a lokacin ƙulla yarjejeniya a matsayin abin da saɓawar za ta iya haifarwa. Sai ta gwada reshe na farko: tsayuwar injin ba ita ce abin da aka saba gani ba idan an aika karyayyar sanda, domin mai injin yana iya kasancewa da wata a ajiye, ko kuma injin yana da wata matsalar da za ta hana shi aiki ko da sandar ta iso a kan kari. Sai reshe na biyu: yanayin musamman, wato babu wata sanda kuma komai ya tsaya a kan wannan, ba a sanar da mai dako ba. Mataki na ƙarshe shi ne dalilin da ya sa sanarwa take da nauyi: da an gaya masa, da ɓangarorin sun iya sa sharaɗi na musamman a kan diyya, kuma ba adalci ba ne a hana su wannan dama.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi ɓacewa a bayanan ɗalibai. Kowa yana haddace reshe biyun, kaɗan ne ke rubuta maganar sandar ajiya, alhali ita ce wurin da ƙa'ida ta taɓa ƙasa. In babu ita, mai karatu zai ce ai tsayuwar inji bayan karyewar sanda abu ne da kowa zai zata, ya kasa gane yadda masu injin suka faɗi a reshe na farko. Saboda haka na sa wa gidan dalilai tambaya a rubuce: a ina kotu ta ɗora ƙa'idar a kan bayanan wannan ƙara?

Sai batun raba ginshiƙin hukunci da maganar da alƙali ya yi a kan hanya. Gwajin da masanin shari'a Eugene Wambaugh ya kawo a ƙarshen ƙarni na 19 yana da sauƙin aiki: ka juya maganar ta koma kishiyarta, ka duba ko sakamakon ƙarar zai canza. In zai canza, ginshiƙi ce. In ba zai canza ba, maganar gefe ce. Na gwada a kan “ba a sanar da mai dako ba”: in an juya ta, masu injin sun ci, don haka ginshiƙi ce. Gwajin yana da inda yake karyewa. Idan kotu ta ba da dalilai biyu, kowanne ya isa shi kaɗai, to in ka juya na farko na biyu zai riƙe hukuncin, in ka juya na biyu na farko zai riƙe, sai gwajin ya ce duka biyun maganar gefe ne, wanda ba gaskiya ba ne. A irin wannan hali fom ya ce a rubuta su biyun a matsayin ginshiƙai, a sa “ko kuma” a tsakaninsu.

21 ga Fabrairu

Fom ɗin da ya yi daidai da shari'a mai alƙali ɗaya ba a san ƙarfinsa ba sai an ɗora masa mai nauyi. Na ɗauko Donoghue da Stevenson, wadda Majalisar Dattawan Birtaniya, a matsayinta na kotun ƙarshe a lokacin, ta yanke ranar 26 ga Mayu, 1932. Ta fasa fom ɗin a wuri uku.

Wuri na farko, abin da ya faru. Yadda ake ba da labarin shi ne a watan Agusta na 1928, a wani shagon shan lemo a Paisley ta Scotland, an saya wa Misis Donoghue lemon citta a kwalbar da ba a ganin cikinta, ta sha, sai ruɓaɓɓen dodon koɗi ya fito daga ragowar, ta yi rashin lafiya. Amma babu kotun da ta taɓa tabbatar da cewa dodon koɗin yana cikin kwalbar. Ƙarar ta hau sama ne a kan tambayar ko abin da ta faɗa, in an ɗauka gaskiya ne, ya isa ya zama ƙara a shari'a. Bayan hukuncin aka mayar da ita ƙasa don a ji shaidu, Stevenson, mai sarrafa lemon, ya rasu a wannan shekarar, aka sasanta ba tare da an ji su ba. Alamar K ba ta iya ɗaukar wannan, domin alƙalai sun faɗi labarin amma ba su tabbatar da shi ba. Na ƙara alama ta biyar, Z, ga abin da zargi ne da kotu ta ɗauka gaskiya don amsa tambayar shari'a kawai. Nan ma raba amsa da umarni ya biya kuɗinsa: amsa ita ce i, mai sarrafa kaya yana da nauyin kula a kanta ko da babu yarjejeniya tsakaninsu, umarni kuwa a koma a ji shaidu. Babu diyyar da kotun ta ba ta.

Wuri na biyu, alƙalai biyar ne kuma sun rabu uku da biyu. Atkin da Thankerton da Macmillan suna gefe guda, Buckmaster da Tomlin sun saɓa. Gidan dalilai mai jeri ɗaya ba zai ɗauki jawabai biyar ba. Yanzu gidan ya fara da abin da masu rinjaye suka haɗu a kansa, sannan layi ga kowane alƙalin da ya ƙara wani abu nasa, sannan ra'ayin masu saɓawa a ƙasa da kansa daban. Shafi ɗaya ya yi matsi a nan, amma ya ɗauka.

Wuri na uku ya fi wuya, kuma ba na jin fom zai iya warware shi gaba ɗaya. Jawabin Atkin yana da magana biyu masu faɗi daban. Akwai mai faɗi, wadda kowa ya sani, cewa mutum ya kula kada ya cutar da maƙwabcinsa a shari'a, wato duk wanda aikinsa ke shafa kai tsaye har ya kamata ya tuna da shi. Akwai kuma matsattsa a ƙarshen jawabin, a kan mai sarrafa kayan da aka shirya su isa hannun mai amfani yadda suka bar masana'anta, ba tare da wata dama mai ma'ana ta a duba su a tsakani ba. Wacce za ta shiga gidan hukunci? Na sa matsattsar, domin ita ce bayanan ƙarar suke buƙata, na kai mai faɗin gidan dalilai a ƙarƙashin sunan Atkin. Sai dai tarihi bai tsaya inda fom ya tsaya ba. Cikin 'yan shekaru, a shari'ar Grant da Australian Knitting Mills, Privy Council, kotun ƙarshe ta ƙasashen da ke ƙarƙashin sarautar Birtaniya a lokacin, ta ɗora ƙa'idar a kan kamfai na ulu da ragowar sinadari a jikinsa ya jawo wa wani likita ciwon fata, abin da ba ci ake yi ba ba sha ba. Daga baya kuma maganar maƙwabci ta zama tushen da aka faɗaɗa shari'ar sakaci a kansa. Faɗin ƙa'idar shari'a kotunan da suka biyo baya ne ke ƙayyade shi. Don haka na buɗe layi na ƙarshe a ƙasan shafi, “yadda aka yi da ita daga baya”, a ware shi da gidaje huɗun don kada abin da aka fahimta bayan shekaru ya shiga bakin alƙalan 1932.

2 ga Maris

Ga Hadley a fom ɗin yadda yake yau, ban da lambobin shafi.

Shari'a: Hadley da Baxendale, Kotun Exchequer, 1854.

Hanya: juri sun ba masu injin diyya, 'yan dako suka nemi a sake shari'a saboda kuskuren jagora.

Abin da ya faru: mai dako ya karɓi karyayyar sandar injin niƙa zai kai wa masu ƙira, ya jinkirta, injin ya ƙara kwanaki a tsaye, masu injin suka nemi ribar da suka rasa. Abin da aka sanar da mai dako shi ne kayan sandar inji ce kuma masu aikawa su ne masu injin, K.

Tambaya: idan mai dako ya jinkirta kai ɓangaren inji, ba a kuma sanar da shi cewa aiki zai tsaya sai kayan sun dawo ba, shin zai biya ribar kwanakin jinkiri?

Amsa: a'a. Umarni: a sake shari'a.

Dalilai: ƙa'ida mai reshe biyu, tsayuwar inji ba sakamakon da aka saba ba ne domin ana iya samun sandar ajiya, yanayin musamman ba a sanar ba, sanarwa ce ke ba da damar sa sharaɗi.

Ƙasan shafi: bayanin mai rahoto ya ce an gaya wa akawu injin a tsaye yake, ya saɓa wa hukunci, ba a gina komai a kansa ba.

Na miƙa shafin ga wata abokiyar karatu da ba ta koma kan shari'ar ba tun shekarar farko, na ba ta labarin Victoria Laundry ba tare da sakamakonsa ba: kamfanin wanki da rini ya sayi babbar tukunyar tururi, masu sayarwa sun san sana'arsa kuma sun san yana son fara aiki da ita nan take, aka kawo ta bayan jinkirin kusan wata biyar, kamfanin ya nemi ribar wanki ta yau da kullum da kuma ribar wasu kwangilolin rini na gwamnati masu tsoka da masu sayarwa ba su san da su ba. Ta duba shafin ta ce ribar yau da kullum za a biya, ta kwangilolin musamman ba za a biya ba. Haka Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 1949. Amma ta tsaya a wuri guda, ta ce, “Dakata, me ya sa mai wanki ya samu ribar yau da kullum, mai niƙa bai samu ba? Ai duka biyun inji ne ya tsaya.” Amsar tana cikin bambancin mai dako da mai sayarwa: injiniyan da ya sayar wa mai wanki tukunya ya san abin da za a yi da ita, mai dako kuwa kaya kawai aka ɗora masa. Shafina ya ce “mai dako” a tambaya amma bai nuna cewa matsayin yana da nauyi ba.

Wannan ya buɗe aikin mako mai zuwa. Alderson bai tsaya ya ce kasancewar Baxendale mai dako ne ya sa ba a zaci ya sani ba, don haka ba zan iya sa masa K ba. Wurinsa layin “yadda aka yi da ita daga baya” ne, a ƙarƙashin 1949. Bayan na gyara wannan zan ɗauko shari'ar da masu rinjaye suka yarda a kan sakamako amma kowanne da dalilinsa daban, domin gidan “abin da suka haɗu a kansa” bai taɓa fuskantar halin da zai zauna babu komai a ciki ba.